Naira dubu ɗari ta bara da ta bana: yadda hauhawar farashi da kuɗin ruwa ke aiki a aljihu

A tsakiyar kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da wata lamba, gidajen rediyo su karanta ta a labaran rana, mutane su ji su wuce. A watan Janairun 2025 lambar da aka karanta ita ce kashi 34.8 cikin ɗari, wato ma'aunin hauhawar farashi na watan Disamban 2024, wanda rabon Najeriya da ganin irinsa an kusa shekara talatin. Wanda ke cefane a kasuwar Singa a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna bai buƙaci a faɗa masa cewa kaya sun yi tsada ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ake samo wannan lamba, da kuma yadda mutum zai ɗauke ta ya auna albashinsa, da ajiyarsa a banki, da zubin adashensa, da bashin da ake tallata masa a waya. Duk waɗannan lissafi ɗaya ne ya haɗa su: bambanci tsakanin yawan kuɗin da ke hannu da abin da kuɗin zai iya saya.

Kwandon mai ƙosai

A ɗauka akwai wata mai ƙosai a bakin tasha. Lambobin nata misali ne kawai, an zaɓe su don su yi sauƙin lissafi. Bara war haka, kayan suyar kwana ɗaya suna cin ta Naira 10,000: wake na 6,000, man gyaɗa na 2,500, sai itace da niƙa da albasa da attarugu na 1,500. Bana ta koma kasuwa ta sayi kayan nan dai, mudun wake bai ƙaru ba, kwalbar mai ba ta ƙaru ba, amma wake ya ci 8,400, mai ya ci 3,250, sauran tarkacen 1,850. Jimilla 13,500. Ƙarin 3,500 ke nan a kan 10,000, wato kashi 35 cikin ɗari. Wannan shi ne hauhawar farashi na kwandonta a shekara guda.

Aikin da Hukumar Ƙididdiga ke yi ke nan, sai dai kwandonta na ƙasa baki ɗaya ne. Ma'aikatanta suna shiga kasuwannin birni da ƙauye a jihohi 36 da Abuja kowane wata, suna rubuta farashin ɗaruruwan kayayyaki da hidimomi: shinkafa, gero, garin kwaki, kuɗin haya, kuɗin mota, magani, kuɗin makaranta, atamfa, kalanzir. Daga nan sai a haɗa, a kwatanta da abin da kwandon ya ci a irin wannan wata a bara.

Ba a ba kowane kaya matsayi ɗaya a wannan lissafi. A kwandon mai ƙosai, da gishiri zai ninka kuɗinsa sau biyu da ƙyar ta lura, domin na Naira hamsin take sa wa. Amma wake da ya tashi da kashi 40 kaɗai ya ɗora mata Naira 2,400 a kullum. Haka hukumar ke yi: abin da ya fi cin kuɗin iyali shi ake ba nauyi mafi girma, kuma a Najeriya abinci ne a sahun gaba da tazara. Wannan ne ma ya sa lambar da ake karantawa a rediyo takan yi wa talaka kamar an rage ta. Lambar matsakaici ce ta kowa da kowa. Gidan da kusan duk abin da ya samu ke tafiya a tukunya yana fuskantar hauhawar farashin abinci ne, wanda a Yunin 2024 ya haura kashi 40 lokacin da na gaba ɗaya yake kashi 34.

Akwai kuma tashin farashin da ba ya bayyana a bakin mai sayarwa. Mai ƙosai ta san cewa idan ta ce ƙwaya ɗaya ta koma Naira 70 yara za su wuce wajen mai awara. Sai ta bar shi a hamsin, ta rage cokalin. Masu burodi da masu sabulu da masu madarar leda duk sun iya wannan dabara. Wanda ya sayi burodin da ya rage nauyi da kashi ɗaya cikin huɗu a kan tsohon kuɗinsa, a gaskiya ya biya ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kan kowace loma.

Ba kowane tashi ba ne hauhawar farashi

Kowane Bahaushe ya san cewa hatsi yana araha da kaka, yana tsada da bazara zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir kuwa kwandonsa yakan faɗi warwas da sanyi idan na rani ya shigo daga Kadawa da Kura, ya kuma yi tashin gwauron zabi da damina. Wannan juyin shekara ne, yana hawa yana sauka. Masana ba sa kiran sa hauhawar farashi sai idan tashin ya game yawancin kaya kuma ya ɗore. Shi ya sa ake kwatanta Disamba da Disamba, Yuli da Yuli, don kada kaka ta ruɗi lissafi.

Wurin da aka fi samun rashin fahimta shi ne idan aka ce hauhawar farashi ya ragu. A watan Fabrairun 2025 hukumar ta sanar da cewa na Janairu kashi 24.48 ne, daga 34.8 na watan da ya gabata. Mutane da dama suka ji haushi, suna cewa su ba su ga inda kaya suka sauko ba. Abu biyu ne a nan. Na farko, hukumar ta sabunta kwandon nata ne: da tana auna farashi bisa yadda 'yan Najeriya ke kashe kuɗi shekaru da yawa da suka wuce, sai ta koma bisa na kusa-kusan nan, ta mai da 2024 shekarar da ake kwatantawa da ita. Saboda haka galibin wannan faɗuwa daga sauya ma'auni ta zo. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci ga mai cefane, raguwar wannan lamba ba ta nufin farashi ya sauko, tana nufin saurin tashinsa ne ya ragu. Idan kwandon mai ƙosai ya tashi daga 10,000 zuwa 13,500 a bana, sannan baɗi hauhawar ya ragu zuwa kashi 24, kwandon zai koma 16,740. Gwamnati za ta ce an samu sauƙi, kuma ta faɗi gaskiya. Mai ƙosai za ta ce kaya sun ƙara tsada, ita ma gaskiyarta ce.

Daga ina yake tasowa? Wani lokaci kuɗi ne ke yawa a hannun jama'a ba tare da kaya sun ƙaru ba. Dattawa suna tuna Udoji, ƙarin albashin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata bisa rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, har da biyan ariyas a dunƙule. Aka shiga sayen rediyo da keke da babur, 'yan kasuwa suka ga kuɗi, a 1975 hauhawar farashi ya haura kashi 30. Wani lokaci kuma kuɗin samar da kayan ne ke tashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mako biyu bayan wannan jawabi aka saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja: dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500 a farkon 2024. Buhun waken da zai taso daga Dawanau zuwa Legas mota ce za ta kai shi, takin da manomi ya zuba da maganin feshinsa da dala aka shigo da yawancinsu ko kayan haɗa su. Idan aka ƙara da gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa a Zamfara da Katsina da Neja, an samu yawancin bayanin lambar nan ta 34.8.

Abin da Naira ke iya saya

Masana suna da kalma ta biyu da ke tafiya tare da ta farko, ita ce ƙarfin saye. Ma'anarta yawan kayan da wani adadin kuɗi zai iya ɗaukowa. Idan farashi ya hau, ƙarfin saye ya sauka, ko da takardun kuɗin na nan yadda aka ajiye su.

A ce mai ƙosai ta ƙulle Naira 100,000 a ƙasan akwati a Disamban 2023, ba ta taɓa ba sai Disamban 2024. Ta ƙirga ta samu dubu ɗari cif. Amma kayan da dubu ɗari ke saya a ranar da ta ajiye yanzu sai da 134,800. Idan aka raba 100,000 da 1.348, za a ga cewa kuɗin nata kayan Naira 74,000 na bara kawai zai iya ɗauka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, ba a fasa akwati ba.

Da wannan lissafi ake auna albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga Naira 30,000 da aka sa a 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024. A takarda ya ninka sau biyu da ɗoriya. Sai dai a tsakanin waɗannan shekaru biyar farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Ma'aikacin da ke karɓar dubu saba'in a 2024 bai kai wanda ke karɓar dubu talatin a 2019 iya cika jakar cefane ba.

Adashe ma bai tsira ba, ko da yake ba a cika kallon sa ta wannan fuska ba. Mata goma suna zuba Naira 10,000 kowane wata, kowacce ta kwashi 100,000 idan layinta ya zo. Kowa ta zuba daidai, kowa ta kwashi daidai, babu wadda uwar adashe ta zalunta. Amma tsakanin kwasar farko da ta ƙarshe wata tara ne, kuma a shekara irin 2024 farashi yana ƙaruwa da kusan kashi biyu da rabi kowane wata. Wadda ta kwasa a ƙarshe, dubu ɗarinta kayan dubu tamanin na watan farko za ta saya. Wannan ba dalilin barin adashe ba ne, domin yana tilasta wa mutum tara abin da da zai zube a hannu, kuma ba ya buƙatar takardar komai. Amma ya nuna cewa rigimar da ake yi a kan wa zai fara kwasa tana da tushe, kuma ƙungiyoyin da ke juya layi, wadda ta kwashi ƙarshe bana ta fara baɗi, su ne suka fi kusa da adalci.

Kuɗin ruwa: hayar kuɗi

Yanzu a bar akwati a tafi banki. Kuɗin ruwa shi ne abin da ake biya saboda an riƙe kuɗin wani na wani lokaci, kamar yadda mai shago ke biyan haya don ya zauna a ginin da ba nasa ba. Asalin abin da aka ranta shi ne uwar kuɗi. Idan mutum ya ajiye a banki, shi ne mai ba da rancen, banki ne ke biyan sa. Idan ya ci bashi, shi ke biya. Banki yana rayuwa ne a tazarar da ke tsakanin biyun: ya karɓa da araha, ya bayar da tsada. Musulunci ya haramta wannan ƙari a kan bashi, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba sa karɓa ba sa bayarwa. Duk da haka sanin yadda ake lissafa shi ya zama dole, domin yana cikin farashin kayan da kamfani ya sarrafa da bashin banki, kuma shi ake ɓoyewa a cikin tallan rancen da ke shigowa waya kullum.

Wanda ke riƙe da linzamin kuɗin ruwa shi ne Babban Bankin Najeriya. Kwamitinsa na tsarin kuɗi yakan zauna duk bayan wata biyu ya yanke ma'aunin da sauran bankuna ke dubawa kafin su sa nasu. A ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ma'aunin ya tashi daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a Nuwamban shekarar. Dalili shi ne a sa bashi ya yi tsada don mutane da kamfanoni su rage ci, a sa ajiya ta yi armashi, kuɗin da ke yawo a kasuwa ya ragu, farashi ya lafa. Maganin yana aiki idan cutar yawan kuɗi ce. Ba ya buɗe hanyar gonar da aka tare, kuma mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa da ke neman jari shi ke fara jin ɗacinsa, don bankuna sukan ɗora nasu a kan wancan har rance ya kai kashi 30 ko fiye.

Me mai ajiya ke samu? Ƙa'idar Babban Banki ita ce asusun ajiya ya biya aƙalla kashi 30 cikin ɗari na wancan ma'auni. Lokacin da yake 27.5, abin ya kama kashi 8.25 a shekara, kuma wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa na wannan watan. Ko da an lissafa wa mai ƙosai wannan 8.25 a shekarar gaba ɗaya, dubu ɗarinta za ta zama 108,250. Tana buƙatar 134,800 don ta tsaya inda take. Giɓin ya haura dubu ashirin da shida. Wannan shi ne abin da masana ke kira ruwa na haƙiƙa, wato abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi daga abin da banki ya biya. Idan hauhawar ya fi, sakamakon yana ƙasa da sifili: lambar da ke asusu tana ƙaruwa, abin da za ta saya yana raguwa. Abin da banki ke bayarwa a irin wannan hali tsaro ne daga gobara da ɓarawo, da kuma inshorar hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har Naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe.

Kashi biyar ɗin da ba biyar ba

A gefen bashi ne lambobi suka fi yaudara. A ce mai ƙosai ta gaji da biyan kuɗin niƙa, tana son injin kanta, ta je neman rancen Naira 120,000 na wata shida. Jami'in ya ce mata, "Hajiya, ruwan kaɗan ne, kashi biyar kacal." Tambayar farko da ya kamata ta yi ita ce, biyar a wata ko a shekara? A ƙananan bankuna da manhajojin rance kusan kullum a wata ake nufi, kuma biyar a wata sittin ne a shekara.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa: a kan wane kuɗi ake lissafa biyar ɗin? Hanya biyu ake bi. A ta farko, ana lissafawa a kan abin da ya rage. Kowane wata tana biyan 20,000 daga uwar kuɗi. Watan farko ana bin ta 120,000, ruwansa 6,000. Wata na biyu saura 100,000, ruwansa 5,000. Haka zai riƙa sauka, 4,000, 3,000, 2,000, har 1,000 a watan ƙarshe. Jimillar ruwa 21,000. A hanya ta biyu, ana lissafawa a kan uwar kuɗin farko har bashin ya ƙare: 6,000 kowane wata sau shida, 36,000. A watan ƙarshe dubu ashirin kaɗai ake bin ta, amma tana biyan ruwan dubu ɗari da ashirin. Dukkan hanyoyin biyu sunansu kashi biyar a wata, amma tsakaninsu akwai Naira 15,000. Idan aka auna ta biyun da ma'aunin ta farko, ruwanta na gaskiya wajen kashi takwas ne a wata.

Ana iya gane wacce aka ɗora wa mutum ba tare da ya san sunanta ba. Ya haɗa duk abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe, ya cire abin da ya shiga hannunsa. Abin da ya shiga hannu ake nufi, ba abin da aka rubuta a takarda ba, domin sau da yawa ana zare kuɗin fom da na inshora da na gudanarwa tun kafin a tura. Wanda aka rubuta wa 120,000 aka tura masa 114,000, dubu shidan nan ma tsadar bashi ce ko da wane suna aka ba ta.

Rancen waya na gajeren lokaci ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba. A ba mutum 20,000 ya mayar da 23,000 bayan mako biyu, sai ya ga dubu uku ba ta kai ta kawo ba. Kashi 15 ke nan a mako biyu, kuma shekara tana da irin waɗannan makonni biyu-biyu har 26. Lissafin shekara ya kama kashi 390. Yawancin masu ci ba su yi niyyar riƙe shi shekara ba, amma ranar biya takan zo babu kuɗi, a ci na wata manhajar a biya wannan.

Ruwa a kan ruwa

Idan ba a biya ruwan wata ba, wasu masu ba da rance sukan haɗa shi da uwar kuɗi, wata mai zuwa a lissafa a kan duka biyun. Bashin 50,000 a kan kashi 10 a wata zai zama 55,000 bayan wata ɗaya. A wata na biyu goman ta 55,000 ce, sai ya koma 60,500, na uku 66,550. Da farko bambancin ba ya tayar da hankali. Amma bayan shekara, bashin da zai tsaya a 110,000 da ruwan ba ya haihuwa, ya kai kusan 157,000.

Akwai wata 'yar dabara da ma'aikatan banki ke amfani da ita da ka: a raba 72 da kashin da ake magana a kai, abin da ya fito shi ne kimanin lokacin da adadin zai ninka. Kashi 10 a wata, bashi ya ninka cikin wata bakwai da 'yan kwanaki. Dabarar tana aiki a kan farashi ma, tun da shi ma ƙarin bana a kan na bara yake hawa. Hauhawar kashi 12, irin na 2019, yana ninka farashi a shekara shida. Na kashi 35 yana yin haka cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Wannan lissafi shi ne mafi sauƙin hanyar gane kasuwancin damfara. MMM, wanda ya daskare da kuɗin 'yan Najeriya masu ɗimbin yawa a Disamban 2016, alkawarinsa kashi 30 ne a wata. Da gaskiya ne, wanda ya sa dubu ɗari ya riƙa mayar da abin da ya samu zai tashi da sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara guda. Babu gona ko masana'anta ko kantin da ke haifar da wannan. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, ranar da shiga ta ragu sai a rufe. CBEX da ya rushe a Afrilun 2025 ya yi alkawarin da ya fi wannan ma, ninki biyu cikin kwana talatin.

Inda babu ruwa

Ga wanda ke gudun ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Da mai ƙosai ta je ɗaya daga cikinsu, ba za a miƙa mata kuɗi ba. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi injin ya zama nasa, sannan ya sayar mata a kan farashin da suka amince, a ce 145,000, ta biya cikin wata shida. Ciniki ne, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa don ta makara. Idan akwai tarar jinkiri, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. A asusun mudaraba kuwa, mai ajiya abokin kasuwanci ne: ana raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, ba a yi masa alkawarin wani adadi tun farko. Wannan ya warware matsalar halasci, amma bai ɗauke wa abokin ciniki aikin lissafi ba. Har yanzu sai ta tambayi nawa injin yake a kasuwa, nawa za ta biya gaba ɗaya, kuma ko kuɗin niƙan da za ta daina biya da wanda za ta samu daga maƙwabta zai rufe ƙarin dubu ashirin da biyar ɗin.

Hauhawar farashi kuwa ba ya tambayar wane irin banki ne. A Satumban 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, na Naira biliyan 100, don gyaran manyan hanyoyi, na tsawon shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 a shekara. A lokacin hauhawar farashi yana wajen kashi 16, daga baya ma ya sauko zuwa 11 da ɗoriya a 2018 da 2019, saboda haka a shekarun farko mai takardar yana gaba da kasuwa. Wanda ya sa Naira 100,000 ya riƙa karɓar 16,470 kowace shekara, jimilla 115,290. Daga 2021 lissafin ya juya, hauhawar ya wuce kuɗin hayar ya bar shi a baya. Da wa'adin ya cika a Satumban 2024, hauhawar farashi yana kashi 32.7, aka mayar masa da uwar kuɗinsa dubu ɗari cif, wadda a ranar take sayen abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kayan da ta saya a 2017 ba.